Shago Zai Tashi: Yadda Ake Sanar da Masu Aiki Ba Tare da Sun Watse Ba

A cikin 'yan shekarun nan mutanen Kano sun ga tashin shaguna iri-iri. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa kaya, wasu shagunan suka yi kwanaki a rufe. A watan Yunin 2023 aka rushe shagunan da ke jikin Filin Idi. A 2024 kuma dillalan magani suka bar kasuwar Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyarsu ta Dangwauro a kan titin Zariya. Waɗannan su ne manyan da suka shiga labarai. Ƙananan kuwa kullum ana yin su, ba mai ji: mai gida ya ƙara kuɗin haya, ko ya ce zai zuba bene, ko aikin titi ya toshe ƙofa, ko mai shagon ta haihu, ko kujerar Makka ta samu.

Mai sayar da shinkafa ko sabulu idan ya tashi, abin da zai rasa shi ne cinikin masu wucewa. Amma akwai masu sana'ar da cinikinsu alƙawari ne: tela, mai lalle, mai kwalliyar amare, mai hoto, mai gyaran waya, mai girkin biki, mai hayar kujeru da rumfa. Waɗannan ranar da suka rufe ƙofa, akwai kayan mutane a ciki, akwai kuɗin mutane a aljihunsu, akwai kuma ranakun da aka sa. Saƙon da irin wannan mai sana'a zai aika ya sha bamban da sanarwar “mun koma sabon wuri”, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe.

Wadda ta kai shadda ɗinki ta ba da kafin alƙalami, idan ta ji an ce shago zai tashi, kyan sabon wurin ba ya gabanta. Tambaya uku ce ke zuwa mata: ina yadina yake, ina kuɗina, kuma ranar da aka ce in zo tana nan ko ta tashi? Duk saƙon da bai amsa waɗannan ba, ko da an ƙawata shi da furanni da godiya, tsoro zai saka mata. Mai tsoro kuwa zuwa take ta karɓe kayanta ta kai wani wuri, kuma sau da yawa ba ta dawowa.

Littafi kafin waya

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata tela ce mai shago a Gyaɗi-Gyaɗi, da kekuna uku da yara biyu, kuma a rana suna iya kammala kaya huɗu idan wuta ba ta yi gardama ba. Ta samu shago a Sharaɗa, za ta rufe ranar Litinin 10 ga Nuwamba, ta buɗe a sabon wuri ranar Asabar 15 ga wata. Saura mako uku.

Abin da za ta fara ɗauka shi ne littafin aiki, waya ta jira tukuna. Za ta zauna ta bi shi shafi-shafi. Ayyukan da za a gama a karɓa kafin ranar rufewa ba su da matsala, a ajiye su gefe. Sauran, a ce guda 58 ne, sai su rabu gida uku. Akwai 14 da an riga an ɗinke, suna rataye, masu su ba su zo ba. Akwai 19 da ranar karɓarsu ta faɗa cikin makon rufewa ko makon da ke biye. Akwai kuma 25 da ranarsu tana can gaba, ƙarshen wata ko Disamba lokacin bukukuwa.

Sai lissafin abin da tashin zai ci. Kwana biyar a rufe, kaya huɗu a rana, ke nan kaya 20 ba za a ɗinka ba. Amma wanda ya taɓa kwashe shago ya san ranar buɗewa ba ranar aiki ba ce. Sai an daidaita kekuna, domin girgizar mota takan ɓata saitinsu. Sai an ja waya, an ga ko layin wutar unguwar yana ɗaukar dutsen guga, an samo wurin ajiye janareta. Don haka ta ƙara kwana biyu a lissafinta, ta ɗauka kaya 28 ne suka tafi. Wannan adadin shi zai gaya mata abin da za ta iya yi wa mutane alƙawari. Daga wannan rana kuma ta daina karɓar sabon aikin da ranarsa ta faɗa cikin waɗannan makonni biyu, ko da kuwa kuɗin ya yi kyau.

Cikin 19 ɗin nan, idan ita da yaranta suka ƙara kaya ɗaya a kowace rana har kwana goma sha biyu, za su gama 12 kafin a rufe. Saura bakwai. Waɗannan bakwai su ne ainihin aikin, kuma ba a aika musu saƙon gama-gari. Kira ake yi.

Mutum bakwai da za a kira

A tsakanin bakwai ɗin, ba duka ne ranarsu take da nauyi ɗaya ba. Wadda ta kawo atamfa don sawar yau da kullum za ta iya jiran mako guda. Wadda ta kawo anko, ko kayan fitar suna, ko kayan da za a saka a lefe, ranarta ba ta motsi, domin ba ita ta sa ta ba. Shi ya sa tela mai hankali take rubuta dalilin ɗinki a gefen kowane suna tun ranar karɓa. Masu ranar da ba ta motsi su ake fara turawa cikin 12 da za a gama da wuri, bakwai ɗin da suka rage su zama masu sauƙi gwargwadon hali.

Kiran kansa gajere ne. Bayan gaisuwa, sai ta ce: “Hajiya, na kira ne a kan leshinki da muka yi za ki karɓa ranar Laraba 12 ga wata. Za mu tashi daga shagon nan a makon, kuma ba zan iya gama shi a ranar ba. Zan iya ba ki shi ranar Laraba 19 a sabon shago, in aiko miki har gida, kuɗin ɗan aike a kaina. Idan kuma ranar ta matse ki, akwai telar da na yarda da hannunta, sai in ba ta da izininki, ni zan duba aikin. In duk ba su yi miki ba, yadinki da Naira 8,000 da kika bayar suna nan, ki aiko a karɓa yau.”

A lura da abin da ke cikin wannan magana. Ta ambaci kayan da sunansa, ta ambaci ranar, ta ambaci kuɗin da adadinsa. Wannan kaɗai yana kwantar da hankali, domin yana nuna ba a manta da komai ba. Sannan ta ba da zaɓi, har da na mayar da kuɗi. Masu sana'a da yawa suna tsoron furta maganar mayar da kuɗi, suna ganin kamar sun nuna wa mutum ƙofar fita. A ganina akasin haka ne yake faruwa. Wadda aka ce mata kuɗinta yana nan ta san ba a cinye shi a kuɗin hayar sabon shago ba, kuma wannan shi ne zargin da ke zuciyar kowa ko bai faɗa ba. Idan a cikin bakwai huɗu suka yarda da sabuwar rana, biyu suka yarda a ba wata telar, ɗaya ta karɓi kayanta, an yi asarar aiki ɗaya. Ita ma ɗayar ta tafi ba tare da ɓacin rai ba, gobe tana iya dawowa.

Da an ajiye waya, a bi kiran da rubutu: “Kamar yadda muka yi magana, leshinki zai zo ranar Laraba 19 ga Nuwamba, in sha Allah. Kin bayar da 8,000, saura 7,000.” Magana ta baka takan canza a ƙwaƙwalwar mutane biyu, rubutun shi ne zai raba gardama. Kuma kada a ba wata telar yadin mutum a ɓoye. Hannu yana bambanta, mai kaya za ta gane daga wuyan rigar, kuma ranar da ta gane an yi mata haka ba da saninta ba, amana ta ƙare.

Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take kula da ita, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki haƙƙin a yi masa aikinsa a kan lokaci, kuma a sanar da shi da wuri idan jinkirin da ba makawa ya taso. A fiƙihun Malikiyya kuma, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamuninsu idan suka salwanta, sai fa in akwai shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Ranar kwashe kaya kuwa ita ce ranar da yadi ya fi ɓata.

Saboda haka ne mutum 14 masu kayan da aka gama suke buƙatar nasu saƙon daban: kayanki sun kammala, ki zo ki karɓa kafin ranar Asabar 8 ga wata, in ba ki samu dama ba za mu tafi da su sabon shago a ajiye. Duk kayan da aka karɓa kafin tashi, nauyi ne ya sauka, kuma cikon kuɗinsu zai taimaka wajen biyan mota da leburori. Waɗanda suka rage, kowanne a saka shi a ledarsa da suna da lambar waya a takarda a ciki, a ƙirga su kafin a loda, a sake ƙirgawa bayan an sauke. Littafin awo kuwa kada ya shiga buhu. A jakar hannun mai shago zai yi tafiyar, bayan an ɗauki hoton shafukansa.

Su 25 masu ranar gaba, layi biyu ya ishe su: za mu koma wuri kaza, aikinki yana nan a ranarsa, a sabon shago za ki karɓa. Kada a ce tunda abin bai shafe su ba ba sai an gaya musu ba. Idan suka ji a bakin wani, ko suka wuce suka ga shago a kulle, su ne za su fi tayar da hankali, domin yadinsu ko yankawa ba a yi ba.

Sanarwar kowa da kowa

Sai bayan an gama da masu aiki a hannu ake sakin sanarwar gama-gari. Tsarin yana da dalili. Idan sanarwar ta fita da farko, mutum hamsin za su kira a yini ɗaya, kowa a tsorace, mai shago kuma ba ta da amsa tukuna. Idan ta fita a ƙarshe, masu kaya sun riga sun ji daga bakinta.

Ga yadda irin wannan saƙo zai kasance:

“Assalamu alaikum. Shagon ɗinkinmu na Gyaɗi-Gyaɗi zai koma Sharaɗa. Za mu rufe daga Litinin 10 ga Nuwamba zuwa Juma'a 14, mu buɗe a sabon wuri ranar Asabar 15 da ƙarfe 9 na safe. Duk mai ɗinki a wurinmu, kayansa da kuɗinsa suna nan a rubuce, kuma mun tuntuɓi duk wanda ranarsa ta canza. Idan ba mu kira ki ba, ranarki tana nan. Lambar wayarmu da asusun bankinmu ba su canza ba. Muna karɓar sabon aiki na daga 24 ga Nuwamba ta wannan lambar ko a lokacin da muke rufe. Kwatancen sabon wuri yana biye. Mun gode.”

Kowace jimla a nan tana da aikin da take yi. An haɗa sunan rana da kwanan wata, domin “mako mai zuwa” ko “bayan Juma'a” yana canza ma'ana idan aka karanta saƙon bayan kwana huɗu, ko aka tura shi ga wata. Idan abokan ciniki sun fi ƙirga da watan Musulunci, kamar a azumi ko gab da Babbar Salla, sai a ƙara shi. An faɗi ranar buɗewa a jimla ɗaya da ranar rufewa, domin mai karatu cikin sauri kalmar “rufe” kaɗai yake gani, kuma kafin yamma labari ya zama shagon wance ya mutu. Jimlar da ta ce idan ba a kira ki ba ranarki tana nan, ita ce take rage kira. Ta ƙarshen kuma ita ce take hana littafi bushewa: shago a rufe yake, amma alƙalami yana aiki, kuma bukukuwan Disamba a makonnin nan ake rabon ɗinkinsu.

Abin da babu a saƙon ma yana da muhimmanci. Babu labarin rigima da mai gida. Ko da an zalunce ki, saƙon abokan ciniki ba wurin kai ƙara ba ne, kuma mai karatu abin da zai ɗauka shi ne wannan shagon yana cikin rikici. Dalili a kalma biyu ya wadatar, ko a bar shi gaba ɗaya. Babu kuma doguwar ban-haƙuri. Haƙuri ɗaya ake bayarwa, a wurin wanda aka ɗaga wa rana. Haka nan kada a haɗa sanarwar tashi da ta ƙarin farashi. Ko sabon shagon ya fi tsada, a bar maganar zuwa wani lokaci, kuma duk aikin da aka yi cinikinsa a tsohon wuri a tsohon farashinsa zai fita.

Maganar asusun banki tana buƙatar a tsaya a kanta. Lokacin da kowa ya san shago yana sauyi shi ne lokacin da ɗan damfara yake samun ƙofa. Zai ɗauki hoton shagon ya saka a wata lamba, ya aika wa mutane cewa an koma sabon wuri kuma ga sabon asusu, a tura cikon kuɗi. Mutum zai yarda, domin dama ya ji ana sauye-sauye. Maganin shi ne a faɗa tun farko cewa lamba da asusu ba su canza ba. Kuma in da hali, kada a canza wuri da lamba a lokaci ɗaya. Lambar waya ita ce adireshin gaskiya na mai sana'a a yau. Wanda ya riƙe ta, ko ya koma bayan gari za a same shi.

Ta ina saƙon zai bi

Yawancin masu shago suna ɗora sanarwa a Status na WhatsApp su ɗauka sun gama. Status awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya bayyana sai ga wanda ya ajiye lambarki ke ma kika ajiye tasa. Yana da amfani a matsayin tuni, a maimaita shi kowace rana a makon ƙarshe, amma ba a dogara da shi.

Akwai kuma hanyar Broadcast, wadda take aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa, kowa ya same shi shi kaɗai kamar shi aka rubuta wa. Jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256. Sai dai tana da wani sharaɗi da mutane da yawa ba su sani ba: saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikawa a wayarsa. Don haka bayan kwana ɗaya a buɗe bayanin saƙon a ga waɗanda ya isa gare su. Wanda bai isa gare shi ba, ko dai bai ajiye lambar ba ko ba shi da data, sai a aika masa kai tsaye ko a kira shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwashi lambobin abokan ciniki a zuba su a rukuni ɗaya. Yin haka yana tona lambar kowa ga kowa, har da matan aure da ba su ba da lambarsu don haka ba, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ban da haka, ƙorafin mutum ɗaya a rukuni yana zama na mutum ɗari.

Ga masu ƙaramar waya sai saƙon tes. A nan akwai wani abu da ya shafi masu rubutu da Hausa: tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an saka harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗinsa ma ya ninka. A tes a rubuta da baƙaƙen yau da kullum, a taƙaita: ranar rufewa, ranar buɗewa, unguwa, lamba. Ga waɗanda karatun boko yake yi wa wuya, saƙon murya ya fi komai, amma kada ya kai minti ɗaya, kuma a faɗi ranakun sau biyu a hankali. Muryar mai shago da kanta tana da wani amfani: ba a kwaikwayonta da sauƙi kamar rubutu.

Lokacin aikawa sau uku ne. Na farko da an gama kiran masu aiki, kamar mako biyu kafin tashi. Na biyu saura kwana biyu a rufe. Na uku ranar buɗewa, da hoton ƙofar sabon shago a buɗe. Fiye da haka ya zama damu. Mai amfani da WhatsApp Business ta kunna Away message a kwanakin rufewa, yadda duk wanda ya yi magana zai samu amsa nan take da ranar buɗewa, sannan ta gyara adireshin da ke shafin shagon. Wanda shagonsa yake kan taswirar Google ya gyara adireshi a can, kada ya share tsohon shafin ya buɗe sabo, domin sharhin da mutane suka rubuta a kan tsohon yake. Idan kuma rufewa ce ta fiye da mako ba tashi ba, akwai alamar Temporarily closed, wadda ta bambanta da Permanently closed. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da CAC ya sanar da su sabon adireshi, ya sanar da bankinsa.

Kwatance

A garuruwanmu lambar gida ba ta kai mutum ko'ina. Kwatance ake yi, kuma kwatance mai kyau yana farawa daga wurin da mai adaidaita ya sani. A faɗi inda za a ce a sauke mutum, sannan ta wane hannu zai shiga idan ya fito daga wane ɓangare, domin dama da hagu suna juyawa da inda aka fito. Sai layi na nawa, sai launin ƙofa, sai ko a ƙasa ne ko a bene. Kada a yi kwatance da abin da yake tashi, kamar mai shayi ko mai lemo, wanda da rana ba ya nan. Masallaci, gidan mai, makaranta, asibiti, su ne ba sa motsi. A haɗa da Location da aka aika daga bakin ƙofar sabon shagon, da hoton gaban ginin daga titi.

Kafin a aika wa kowa, a ba wani da bai taɓa zuwa ba kwatancen, a ce ya je ba tare da ya kira ba. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, nan ne kwatancen yake da rami.

Tsohon wuri ma yana da sauran aiki. Wata biyu ko uku bayan tashi mutane za su ci gaba da zuwa can, musamman masu zuwa sau biyu a shekara, Ƙaramar Salla da Babba. A nemi izinin mai gida a liƙa takarda a cikin leda ko a rataya ƙaramin allo mai ɗauke da lamba da sabuwar unguwa. A yi sallama ta mutunci da maƙwabta, a bar musu katin shago, domin su za a tambaya. Idan wanda zai shiga tsohon shagon ma tela ne, a san cewa allon ba zai daɗe ba, sai a ƙara ƙarfi a kan kira.

Nisan sabon wuri shi ma gaskiya ce da ba a ɓoye ta. Wadda take takowa da ƙafa yanzu sai ta hau adaidaita biyu. Ga irin waɗannan, a ware rana ɗaya a mako da yaro zai kai kaya ya karɓo a wani amintaccen shago na tsohuwar unguwa, a faɗi ranar a saƙo. Tunda awonsu yana littafi, ba sai sun zo da kansu ba sai in sabon salo ne.

Idan ba a san ranar dawowa ba

Duk abin da ya gabata ya ginu a kan tashin da aka shirya. Gobara, ambaliya, rusau, rashin lafiya da rasuwa ba sa ba da mako uku. A nan saƙon farko ya kamata ya fita cikin kwana ɗaya, ko daga wayar ɗa ko ƙane, kuma a faɗi sunan wanda zai riƙa amsa waya da dangantakarsa da mai shago. Kada a ce “sai abin da hali ya yi” a tsaya nan. Idan ba a san ranar buɗewa ba, a ba da ranar da za a sake magana: za mu sanar da ku halin da ake ciki ranar Alhamis. Ranar Alhamis kuma a yi maganar, ko da abin da za a ce shi ne har yanzu ana jira, sai wata Alhamis ɗin.

Idan kayan mutane sun lalace, a gaya wa kowane mai kaya shi kaɗai, da baki, kafin ya ji a gari. A faɗi abin da ya tsira da abin da bai tsira ba, a nuna hoto, a faɗi yadda za a biya da kuma yaushe, ko da kaɗan-kaɗan ne. Da yawa za su yafe, amma yafiyar tasu ce su bayar, mai shago ba ya fara roƙonta kafin ya ambaci biya.

Rufewar da aka sani amma mai tsawo, kamar aikin Hajji da yake cin wata guda ko fiye, ko jego, tana da nata tarkon. Mai shago takan faɗi ranar saukarta a matsayin ranar buɗewa, alhali jirgin dawowa yana iya jinkiri, ga baƙi masu zuwa sannu da zuwa. A ƙara mako guda a kan ranar da ake zato, a sanar da wannan. Idan yara za su ci gaba da aiki, a faɗi irin aikin da za su karɓa da wanda zai jira, kuma a faɗi ko an yarda a ba su kuɗi a hannu ko sai ta asusu.

A ƙarshen makon farko a sabon shago, telarmu ta sake buɗe littafinta ta bi sunaye 58 ɗin nan. Duk wadda ranarta ta wuce ba ta zo ba kuma ba ta kira ba, a kira ta a ranar, domin galibi ko ta je tsohon wuri ta tarar a kulle ne, ko kwatancen ya ɓace a cikin saƙonni. Bayan wata guda kuma ta duba waɗanda suka saba kawo ɗinki duk wata amma ba su leƙo ba, ta aika wa kowacce kwatancen ita kaɗai, tare da sanar da ita ranakun da suka rage a littafin Disamba.